Jarrabawar lasisin tuƙi saura mako biyu: abin da ake faɗa da abin da yake gaskiya

Maganar da ta fi kayar da mutane a jarrabawar ƙa'idojin hanya ita ce wadda ake yi a tasha da majalisa, wai wanda hannunsa ya faɗa a kan sitiyari ba ya buƙatar karatu. Wannan ba gaskiya ba ne. Jarrabawar ba ta tambayar yadda ake tuƙi a kan titunanmu, abin da littafin dokokin hanya na Najeriya, wato Highway Code na hukumar FRSC, ya ce shi take tambaya. Sau da yawa kuma abin da titi ya koya wa direba ya saɓa wa littafin.

Ɗauki shataletale. Direban da ya saba da cunkoso ya san cewa wanda ya fara cusa hancin motarsa shi ke wucewa. Littafin kuwa cewa ya yi mai shiga ya dakata wa wanda ya riga shi shiga, kuma tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motar da ke cikin shataletalen daga hagunka take zuwa. Haka danja: da yawa sun ɗauki fitilar rawaya a matsayin izinin a taka totur kafin ja ta kama. Amsar da ake nema ita ce ka tsaya, sai dai idan ka riga ka matso sosai har taka birki zai jawo haɗari. Tsohon direba yakan karanta irin wannan tambaya ya amsa da sauri cikin gamsuwa, ya kuma faɗi, domin da ɗabi'arsa ya amsa.

Akwai kuma masu cewa mako biyu ya ishi mutum ya fara daga farko har ya karɓi lasisi. A nan gaskiya da ƙarya sun cakuɗe. Mako biyu ya isa a karance littafin a fahimce shi. Amma sabon mai neman lasisi sai ya kai shekara 18, sai kuma ya yi makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya cika zama 26 na horo kafin makarantar ta ba shi takardar shaida. Da wannan takarda ake cike fom ɗin neman lasisi. Saboda haka wanda bai shiga makaranta ba tukuna, ba jarrabawa ce ke gabansa nan da mako biyu ba, rajista ce. Wanda kuma ya ce maka "kawo kuɗi da hoto, ba sai ka je ko'ina ba", ka tambaye shi wa zai ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Lasisin gaske ba ya fita sai kai da kanka ka zauna a cibiyar ɗaukar bayanai. Katin da ya zo ba ta wannan hanya ba, ranar da aka duba lambarsa a kwamfuta ba a same ta ba, mai riƙe da shi ne zai amsa tambaya, dillalin ya daɗe da cin kuɗinsa.

Wasu suna zaton jami'an FRSC ne ke yin gwajin. Jami'an VIO na jiha ne ke gwada mai neman lasisi, FRSC ke ɗaukar bayanai da buga katin, hukumar tattara haraji ta jiha kuma ke kula da biyan kuɗi. Sanin wannan yana da amfani domin tsarin gwajin yakan bambanta daga wuri zuwa wuri. A Legas da Abuja ana amsa tambayoyin a kwamfuta. Ka tambayi makarantarka tun ranar farko yadda ake yi a inda za ka zauna, kada ka dogara da labarin wanda ya yi tasa a wata jiha.

To, batun haddace tsoffin tambayoyi fa? Suna da amfani, wannan gaskiya ne. Inda ake kuskure shi ne a haddace cewa amsar tambaya kaza ita ce ta biyu. Da an sauya jerin amsoshin, ko an canja kalma ɗaya a tambayar, haddar ta rushe. Iyakar gudu ta fi nuna wannan. Mutum ya haddace "100", sai tambaya ta zo a kan motar haya. A littafin, ƙaramar motar gida tana da kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titin da aka keɓe wa gudu. Tasi da bas suna tare da ita a 50 da 80, amma a wancan titin 90 ce iyakarsu. Tanka da tirela kuwa 45, 50 da 60. Kafin ka duba amsoshi, nemo abu biyu a cikin tambayar: wace irin mota, kuma wace irin hanya. Da ka same su, amsa ɗaya ce kawai za ta dace.

Alamomin hanya su ma ba a haddace su ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina nan ne ya kamata kwanakin farko su tafi. Siffar allon tana gaya maka rabin amsa kafin ka kalli zanen da ke ciki. Alwatika mai jan baki gargaɗi ce: akwai kwana, gada ko makaranta a gaba. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce, abin da ke cikinta dole ka yi shi. Allo mai kusurwa huɗu bayani yake bayarwa, kamar asibiti ko nisan gari. A ce an nuna maka da'ira mai jan baki da lamba 50 a tsakiya, amsoshin kuma sun haɗa da "saura kilomita 50 a isa gari", da "ana ba da shawarar gudun 50", da "kada a wuce 50". Nisan gari ba a da'ira ake rubuta shi ba, jan baki kuma ba shawara yake bayarwa ba. Ta ukun ce ta rage, ko da ba ka taɓa ganin tambayar ba.

Tazarar da ake bari tsakaninka da motar gaba ita ma tana fitowa, kuma masu cewa "tsawon mota ɗaya ya isa" sun yi nisa da gaskiya. Ƙa'idar daƙiƙa biyu ake bi: motar gaba ta wuce wata alama, kamar falwaya, kai kada ka iso wurin kafin daƙiƙa biyu. A gudun 80, mota tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, wato tazarar ta kai mita 44, kusan tsawon ƙananan motoci goma. Idan ana ruwa, a ninka ta.

Rabon kwanakin ba shi da wuya. Makon farko na littafi ne, awa guda kullum ta fi kwana guda na dare har asuba: alamomi da zanen kan kwalta tukuna, sannan iyakar gudu, wa ke da hanya a mahaɗa, da wuraren da aka hana wuce mota, irin su kwana, kan tudu da inda aka ja layi marar yankewa. Mako na biyu na tambayoyi ne, kana duba agogo. Duk wadda ka faɗi, koma shafinta a littafin ka gano dalili, ka rubuta ta a takarda daban, ka sake gwada ta bayan kwana biyu. Idan ba ka saba da kwamfuta ba, nemi wanda zai zaunar da kai gabanta sau ɗaya ko biyu kafin ranar, ka koyi zaɓen amsa da matsawa tambaya ta gaba. Idan da Turanci tambayoyin suka zo, kalmomi irin su "except" da "not" ka san su da kyau, domin ɗaya daga cikinsu tana juya ma'anar tambaya gaba ɗaya.