Kawo Aboki, Ka Samu Rangwame: Yadda Littafi Ɗaya Ke Ƙara wa Mai Sana'a Ciniki

Duk telan da ya daɗe a sana'a ya san ta inda yawancin sababbin kwastomominsa ke zuwa. Wani ne ya ga ɗinki a jikin abokinsa a wurin ɗaurin aure, ya tambayi wanda ya yi, aka kwatanta masa shagon. Wannan talla ce da ba a biya ko sisi ba, amma masu sana'a da yawa sukan bar ta ta tafi a banza: ba su san wanda ya turo mutum ba, balle su gode masa. Tsarin saka wa mai kawo aboki yana gyara wannan ne, kuma ba ya bukatar komai illa lissafi mai kyau da littafin rubutu ɗaya.

Lissafin shi ne farko, domin daga riba ake fitar da tukuici, ba daga uwar kuɗi ba. A ce tela yana karɓar naira 8,000 a ɗinkin kaftani. Zare da maɓalli da man janareta da kuɗin yaron shago sun ci 5,000, ribarsa ta zama 3,000. Zai iya rage wa sabon kwastoma 500 a ɗinkinsa na farko, ya kuma rage wa wanda ya kawo shi 1,000 a ɗinkinsa na gaba. Ka ga har yanzu yana da 1,500 a hannu, kuma idan baƙon ya dawo, ribar gaba tasa ce dukanta. Rangwame ya fi kuɗin hannu amfani a nan, saboda sai tsohon kwastoma ya kawo wani yadin kafin ya ci moriyarsa.

Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne lokacin bayarwa. Ba a rubuta wa mai kawowa ladansa sai sabon kwastoma ya karɓi kayansa ya kuma biya kuɗin cif. Wanda ya zo ya tambayi farashi ya tafi, ko ya karɓi ɗinki bashi, bai shiga lissafi ba tukuna. A faɗa wa kowa wannan tun farko, a kuma rubuta shi a manna a bango.

Shi kuwa littafin, a ja wa kowane shafi layuka: kwanan wata, sunan sabon kwastoma da lambar wayarsa, sunan wanda ya turo shi, kuɗin aikin, ranar da ya biya, sai ranar da aka yi wa mai turowa rangwame. Tun lokacin awo, tef yana wuyan tela, zai tambaya: "Wa ya kwatanta maka nan?" Sunan da ya fito daga bakin baƙon a ranar shi ake rubutawa. Wannan ne ke kashe gardama idan mutum biyu suka zo kowa yana cewa shi ya kawo shi. Lambar waya kuma ita ke tona tsohon kwastoma da ya aiko ƙaninsa da yadi da sunan sabo. Lambobin nan amana ce, kada a bar littafin a kan teburi kowa yana buɗawa.

Bayan wata uku sai a zauna a ƙirga. A ce mutum 12 aka turo, 9 suka biya, 6 suka sake dawowa. Rangwamen ya ci 13,500, ya bar wa tela 13,500 daga ɗinkin farko, sannan masu dawowa sun kawo 18,000. Tsarin yana ci. Amma idan 9 sun biya ɗaya kawai ya dawo, matsalar tana cikin aikin ne ko cika alkawari, kuma ƙara tukuici ba zai magance ta ba. Haka nan a dakatar da tsarin gab da Sallah idan aiki ya yi yawa, domin wanda ya kawo abokinsa aka saɓa masa alkawari, shi ma kunyar ta shafe shi, kuma duka biyun za a rasa.

Kada a haɗa wannan da irin tsarin MMM da ya rufe asusun jama'a a Najeriya a watan Disamban 2016. A can kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko. A nan babu mai biyan kuɗin shiga, ladan kuma daga ribar aikin da aka yi yake fitowa.

Mai sana'a, ko tela ne kai ko mai aski, ko ke mai lalle ce, a fara sanin ribar kowane aiki, a yanka tukuicin da bai wuce rabinta ba, a rubuta, a kuma cika alkawari ranar da aka ɗauka.