Daga Oda Zuwa Takarda: Yadda Saba Ke Fitar da Inbois

 Yau za mu leƙa bayan shagon da ke sayar da kaya ta intanet, inda wata manhaja da ke zaune a kan saba take karɓar oda ta mayar da ita inbois, wato takardar neman biya, a tsarin PDF da za a iya bugawa.

Mu ɗauki oda guda. Wata mai shago a Ɗambatta ta sayi kaya iri uku: katan ɗin sabulu, man shafawa da turare, kowanne naira 1,999. Abin da ya kamata manhajar ta fara yi shi ne ta kwafe sunan mai saye, adireshi, sunayen kayan da farashinsu na wannan lokacin, ta adana su daban a rumbun bayanai tare da lambar inbois da ba za a sake bai wa kowa ba. Dalili kuwa, farashi ba ya zama wuri ɗaya. Idan manhajar tana komawa jerin farashin shago duk sanda aka nemi takardar, to wadda aka buga a watan Maris za ta sha bamban da wadda aka sake bugawa a watan Yuni, alhali cinikin ɗaya ne. In an gano kuskure daga baya, sai a fitar da takardar gyara mai nata lambar, a bar ta farko yadda take.

Sai lissafi. Masu aikin nan sun san cewa kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai wa daida, shi ya sa ake ajiye kuɗi a kwabo: naira 1,999 ta zama kwabo 199,900. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020. A kan kaya ɗaya, harajin ya kama kwabo 14,992 da rabi. Ku lura da rabin nan. Idan aka cike shi a kowane layi sannan aka tara, harajin zai zama naira 449 da kwabo 79. Idan kuwa aka fara tara kayan, naira 5,997, sannan aka lissafa haraji sau ɗaya, zai zama naira 449 da kwabo 78. Kwabo ɗaya ne bambancin, amma shi ke sa akanta ya kwana yana neman inda littafi ya ƙi haɗuwa. A ganina, bai kamata ɓangaren da ke zana PDF ya yi lissafi ko na sisi ba. A lissafa sau ɗaya lokacin da aka karɓi oda, a adana, shi kuma ya rubuta abin da aka miƙa masa.

Yanzu ga inda abin ya fi shafar mu kai tsaye. Tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, yana da zubin haruffa 14 na asali, irin su Helvetica da Courier. Babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsu, babu kuma alamar naira. Mai aiki da ReportLab a yaren Python, in bai canja komai ba, Helvetica zai samu. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, takarda za ta fito, amma a gurbin harafin farko na Ɗambatta sai a ga baƙin akwati, haka ma gaban kowane farashi. Mai shago ta biya kuɗinta, ga sunan garinta an ɓata, kuma wannan ba abin da za a kawar da kai ba ne.

Maganin shi ne a ɗauko zubin da ke da haruffanmu, kamar DejaVu Sans, a yi masa rajista da registerFont, a kuma zaɓe shi a madadin Helvetica, sai ReportLab ya cusa haruffan da aka yi amfani da su cikin fayil ɗin kansa. Ta haka duk firintar da ta karɓe shi, ko ta shagon hoto-kwafi ce a bakin kasuwa, abu ɗaya za ta buga. Sai dai a kula, rubutu mai kauri fayil ɗinsa daban ne, DejaVuSans-Bold, kuma shi ake yawan mantawa. Sai jikin takarda ya fito lafiya, layin jimla ya lalace.

Kafin a saki manhajar, a gwada ta da odar da ke ɗauke da sunaye irin su Ƙanƙara da Ɗambatta, a ƙanana da manyan baƙaƙe. Sannan a bi fayil ɗin da umarnin pdffonts: a layin DejaVu, ƙarƙashin emb, a ga an rubuta yes. Daga nan a buga shi a takardar A4 ta gaske, a duba ko firinta ta yanke gefen da jimlar take.