Tazarar PR: Abin da Takardar Bugun Zuciya Ke Faɗa wa Sabon Ɗalibin Jinya

Takardar da na'urar ECG ke fitarwa a zane take da gidaje ƙanana da manya, kuma daga gidajen nan karatu ke farawa. A bisa al'ada takardar na tafiyar milimita 25 a sakan ɗaya, don haka kowane ƙaramin gida sakan 0.04 ne, babban gida kuwa, mai ƙanana biyar, sakan 0.20. Ɗalibi ya fara duba wannan gudun a ƙasan takarda, domin idan an sa na'urar a kan 50, komai zai yi faɗi ninki biyu, lafiyayyar zuciya ta zama kamar mai ciwo.

Kowane bugu na barin sawu uku. Ɗan tudun farko, P, wutar lantarki ce tana ratsa ɗakunan sama na zuciya. Tsinin da ke biye, QRS, ita ce ta isa ɗakunan ƙasa masu tura jini, kuma bai kamata faɗinsa ya kai ƙananan gidaje uku ba. Tudun ƙarshe, T, lokacin da ɗakunan ƙasa ke sake shiri ne.

Inda na fi so ɗalibi ya daɗe shi ne tazarar PR. Ana auna ta daga farkon P zuwa farkon QRS, ba zuwa ƙololuwar R ba kamar yadda sunan ke ruɗin mutane. Tana nuna tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya tsallaka mahaɗar da ke tsakanin sama da ƙasa. Daidai shi ne gidaje uku zuwa biyar, wato sakan 0.12 zuwa 0.20.

A ce ga dattijo mai shan maganin hawan jini irin atenolol. Tsakanin R da R manyan gidaje biyar ne. A raba 300 da biyar, bugu 60 ke nan a minti. Kowane P na da QRS ɗinsa, amma tazarar gidaje bakwai ce, sakan 0.28, kuma ba ta canzawa. Wannan jinkiri ne na mataki na farko. Saƙo na isa, sai dai a makare, kuma maganin kansa na iya jawo haka.

To, da a ce tazarar ta tashi daga gidaje biyar zuwa bakwai, zuwa tara, sannan P ya fito babu QRS a bayansa, bugu ɗaya ya faɗi ke nan, an shiga mataki na biyu. Wanda ya auna bugu guda ya tsaya ba zai gane wannan ba, shi ya sa ake bin takardar har ƙarshenta.

Ɗalibi, idan ka ga haka, ka taɓa jijiyar hannun majinyaci, ka auna jininsa, ka tambaye shi ko yana jin jiri, sannan ka sanar da babbar nas kafin a ba shi ƙwayar gaba.