Ruwan pompo: me ya sa kamfani ɗaya ke sayar da shi, kuma me ya sa farashi mai rahusa ke barin giɓi?

A kowane birni na Nijar, mai son shinkafa yana da shaguna goma da zai zaɓa, mai son layin waya yana da kamfanoni fiye da ɗaya. Amma wanda ke son a ja masa ruwa zuwa gida, ƙofa ɗaya ce zai ƙwanƙwasa. Daga shekarar 2001 kamfanin SEEN ne ke raba ruwa a birane, sannan daga farkon 2024 kamfanin gwamnati na NDE ya karɓi aikin. Suna ya canza, amma mai sayarwa har yanzu ɗaya ne.

Duk lokacin da faktir ta zo ko pompo ya ƙafe a lokacin zafi, tambayoyi biyu ake ji a fada da majalisun shayi. Me ya hana a bar wasu kamfanoni su shigo a yi gasa? Kuma tunda ruwan daga kogi ko daga ƙasa ake ɗebo shi, me ya hana a sayar da shi a kan abin da aka kashe wajen tace shi kawai? Amsar tambayoyin biyu tana cikin lissafi guda.

Kuɗi iri biyu

Kamfanin ruwa yana da kashe-kashe iri biyu. Na farko shi ne tsayayyen kuɗi, wanda ba ya motsi ko an sha ruwa ko ba a sha ba: haƙa foraj, gina tashar tace ruwa irin ta Gudel da Yantala a Yamai, gina shato, binne manyan tiyo a ƙarƙashin tituna, da biyan bashin da aka ci domin yin waɗannan ayyuka. Na biyu shi ne kuɗin ƙari, wato abin da za a ƙara kashewa idan aka tura ƙarin ruwa cikin tiyon da ke nan: wutar lantarkin injunan tura ruwa da magungunan tacewa.

A wannan sana'a na farkon ya fi na biyun nauyi nesa ba kusa ba. Domin a ga abin da hakan ke haifarwa, bari mu ɗauki wani gari na misali. Alƙaluman namu ne, mun zaɓe su domin sauƙin lissafi, ba na wani kamfani ba ne.

A ce tsayayyen kuɗin garin sefa miliyan 120 ne a shekara. Kuɗin ƙari kuma sefa 100, wato dala 20, a kan kowane metir kib. Metir kib ɗaya lita 1000 ne, kwatankwacin bido 40 masu cin lita 25.

Idan garin ya sha metir kib 200.000 a shekara, kowane ɗaya zai ɗauki sefa 600 daga tsayayyen kuɗin, a haɗa da 100 na ƙari, ya tashi a kan 700. Idan aka sha 400.000, ya sauko 400. Idan aka sha 600.000, ya koma 300. Idan aka kai 800.000, ya zama 250. Kamar motar haya ce da aka yi shata: kuɗin motar ɗaya ne, yawan fasinjoji ne ke rage abin da kowa zai biya. Wannan shi ne matsakaicin kuɗin samarwa, kuma yana ta sauka muddin masu sha na ƙaruwa.

Abin da gasa za ta haifar

Yanzu a ce an ba kamfani na biyu izinin shigowa. Ba zai iya kai ruwa gidaje ba sai ya yi nasa foraj, nasa shato, ya kuma tone tituna ya binne nasa tiyo kusa da na farko. Shi ma miliyan 120 ke nan a shekara. Idan suka raba metir kib 600.000 gida biyu, kowanne na sayar da 300.000, metir kib zai tashi masa a kan sefa 500 maimakon 300. Garin ya biya kuɗin tiyo sau biyu domin ruwa iri ɗaya.

Kuma zaman ba zai ɗore ba. Wanda ya fi yawan gidaje zai fi arha, arharsa ta janyo masa ƙarin gidaje, har ɗayan ya rufe ko a saye shi. Masana tattalin arziki suna kiran wannan babakeren da yanayin sana'a ya haifar: ba doka ko wayo ne suka kori abokan gasa ba, lissafin ne ya kore su. Haka abin yake ga layukan wutar NIGELEC. Ana iya samun masu samar da wuta da yawa, kamar yadda SONICHAR ke samarwa da gawayi a arewa, amma babu wanda zai kafa jerin turaku na biyu a unguwa ɗaya.

Farashi uku, matsala uku

Tunda mai sayarwa ɗaya ne, wa zai tsaida farashi? A garinmu na misali, a ce mutane suna rage sha idan farashi ya hau: a kan sefa 100 suna sayen metir kib 800.000, a kan 300 suna sayen 600.000, a kan 500 kuma 400.000.

Idan aka sakar wa kamfanin mara, zai zaɓi 500. Metir kib na tashi masa a kan 400, ribarsa 100 a kan kowane, miliyan 40 ke nan a shekara. Kamfanin ya ci riba, amma gari ya sha rabin ruwan da zai iya sha.

Idan hukuma ta ce ya sayar a kan 300, daidai da matsakaicin kuɗin samarwa, ba riba ba faɗuwa. Sai dai akwai metir kib 200.000 da mutane za su saya da farashin ya yi ƙasa, kuma samar da kowane ɗaya sefa 100 kawai zai ci. Tiyo na nan, shato na nan, amma an hana su. Waɗannan su ne gidajen da ke rage wanka da wanki, ko su koma rijiyar da ruwanta ba shi da tabbas.

Shi ya sa wasu masana suka ce farashin da ya fi amfanar jama'a shi ne kuɗin ƙari, wato 100. Wani injiniyan Faransa, Jules Dupuit, ya kawo irin wannan hujja a 1844 game da kuɗin ƙetare gada, sannan Ba'amurke Harold Hotelling ya farfaɗo da ita a 1938. Hujjar mai sauƙi ce: duk wanda ya yarda ya biya abin da ƙarin ruwansa ya ci, bai kamata a hana shi ba.

To ga inda gizo ke saƙar. A kan 100, kamfanin zai sayar da metir kib 800.000, ya tara miliyan 80. Abin da ya kashe kuwa miliyan 200 ne: 80 na wuta da magani, 120 na tsayayyen kuɗi. Giɓin miliyan 120 ne cif, daidai da tsayayyen kuɗin. Ko da babu sata, babu sakaci, babu mai ƙin biyan faktir, giɓin yana nan. Kuma ƙarin ciniki ba zai cike shi ba, domin kowane sabon metir kib yana shigo da 100 ya fita da 100. Muddin matsakaicin kuɗi na sauka, kuɗin ƙari yana ƙasa da shi, kuma sayarwa a kan kuɗin ƙari faɗuwa ce.

Wa zai cike giɓin?

Hanya ta farko ita ce tallafi daga baitulmali. Amma kuɗin baitulmali haraji ne, kuma har mutumin ƙauyen da bai taɓa ganin pompo a gidansa ba yana biyan haraji. Wannan na cikin sukar da Ronald Coase ya yi wa ra'ayin Hotelling a 1946. Akwai kuma haɗarin cewa kamfanin da ya san za a biya masa faɗuwarsa ba zai damu da tsimi ba. Idan kuma tallafin ya makara, abin da ake fara yankewa shi ne gyara, saboda tiyon da ba a canza bana ba ba zai fashe gobe ba. Alamomin sai daga baya suke bayyana: ruwa na malala a titi, inji ya lalace a daɗe ba a maye gurbinsa ba, sabbin unguwanni su shekara suna jiran tiyo.

Hanya ta biyu ita ce a raba faktir gida biyu. Idan garin na da gidaje 10.000 masu kontar, kowane gida ya biya jika ɗaya a wata, an samu miliyan 120 ɗin, sannan ruwa ya tsaya a kan 100. Lissafi ya daidaita, amma nauyin bai daidaita ba. Gidan da ya sha metir kib 2 zai biya sefa 1200, wato 600 kowane. Mai shan 40 zai biya jika biyar, 125 kowane.

Hanya ta uku ita ce farashi mai hawa-hawa, wanda shi ne tsarin biranen Nijar: metir kib na farko-farko a wata suna da arha, na sama suna da tsada, ta yadda manyan masu sha ke ɗaukar kaso mafi girma na tsayayyen kuɗi. Shi ma yana da rauni. Gidan haya da iyalai biyar ke amfani da kontar ɗaya nan da nan yake tsallakawa hawan tsada, alhali mazaunansa ba masu hali ba ne.

Garambawul ɗin 2001 ya bi layin waɗannan kuɗaɗe biyu. Kamfanin gwamnati na SPEN ne ke riƙe da kadarori, shi ke neman rance da gudummawar ƙasashen waje domin manyan ayyuka, yayin da mai rabawa ke kula da aikin yau da kullum da karɓar faktir. Duk gudummawar da ta gina shato ko ta binne tiyo tallafi ce ga tsayayyen kuɗi, ko da mai sha bai gan ta a faktir ɗinsa ba.

Inda lissafin ya tsaya

Saukar matsakaicin kuɗi tana da iyaka, kuma Damagaram ce shaida. Birnin yana zaune a kan dutse mai ƙarancin ruwan ƙasa, dole ake janyo ruwa daga nesa, daga wurare irin su Gogo, Arunguza da Ganaram. Idan foraj suka kai iyakar abin da za su iya bayarwa, ƙarin metir kib ba sefa 100 ba ne kuma, sabon foraj ne da sabon dogon tiyo. A nan rage farashi ba ya ƙara ruwa, sai dai ya ƙara tsawon layin bido.

Wanda ya fi biya da tsada shi ne wanda tiyo bai kai gidansa ba. Idan ya sayi bido a kan dala 5 daga ɗan ga-ruwa, metir kib ya tashi masa jika ɗaya, ninki biyu na farashin da kamfanin misalinmu zai sa ko da an sakar masa mara. Rahusar faktir ba ta isa gare shi. Saboda haka duk lokacin da aka sanar da rage kuɗin ruwa ko na wuta, akwai abin da ya kamata a tambaya: wa ya ɗauki tsayayyen kuɗin, kuma nawa aka ware domin tiyon ya isa unguwa ta gaba?