Yadda Ake Sa wa Tsohon Hoton Iyali Launi Ya Fito Kamar Gaske

Hoton baƙi da fari bai adana launi ko ɗaya ba. Abin da ya kama shi ne yawan hasken da kowane abu ya mayar wa kyamara, shi ya sa jan zane da koren zane suna iya fitowa da toka-toka iri ɗaya. Ke nan mai sa launi zaɓa yake yi, kuma zaɓin nasa ba ya yin kyau sai ya san mutanen da tufafin zamaninsu.

A ɗauki misalin hoton da aka ɗauka a wani shagon hoto a Kano wajen 1965: maigida zaune da babbar riga da hular dara, uwargida kusa da shi da zane mai duhu, ɗansu a tsaye da farar taguwa.

Aikin yana farawa da kwafar hoton a na'urar sikana a kan 600 dpi, a tsarin RGB ko da yake ba shi da launi. A Photoshop ko GIMP, sai a cire rawayar tsufa, a gyara tsage da tabo, a daidaita haske da duhu. Wanda ya tsallake wannan zai ga duk abin da ya shafa ya dafe. Bayan haka kowane abu yana samun shimfiɗarsa daban, wadda manhajar ke kira Layer: fata da tata, riga da tata, hula da tata. Ana sa kowace a kan Color a Photoshop, ko LCh Color a GIMP, domin launin ya hau ba tare da ya taɓa haske da inuwar asali ba.

Fata ita ce inda ake gane gwani. Sabon shiga yakan zaɓi ruwan ƙasa guda ya shafe fuska da wuya da hannu, sai mutum ya fito kamar an gina shi da yumɓu. Fatar mai rai ba ta da launi ɗaya. Ana fara shafa ruwan ƙasa wanda ja ya fi yawa a cikinsa, kore na biye, shuɗi ya fi ƙanƙanta, kamar 120, 80, 60, sannan a rage Opacity har ya daina ɗaukar ido. A wata shimfiɗar kuma a ƙara ɗan ja a kumatu, kunnuwa, leɓe da gaɓoɓin yatsu. Goshi da karan hanci, inda fitilar mai hoto ta haska, launinsu ragewa ake yi, domin ƙyallin baƙar fata hasken fitila ne yake dawowa. Idan aka cika shi sai ya koma ruwan lemo. Tafin hannu ya fi bayansa haske, kuma in na uwargida ya yi duhu a hoto, mai yiwuwa lalle ne. Farin ido da haƙora suna buƙatar ɗan ɗumi kaɗan, in ba haka ba su zauna toka-toka kamar na gunki.

Hanya mafi sauƙi ta samun launin da ya dace ita ce a nemo hoton ɗa ko jikan mutumin mai kama da shi, wanda aka ɗauka da rana, a ɗebi launi daga can. Kada kuma a haskaka fatar kaka don a yi mata kwalliya. Iyali suna so su ga uwarsu ne yadda Allah ya yi ta.

Tufafi kuwa sai da bincike. Hular dara ja ce, amma a hoto takan yi duhu sosai, wanda bai san ta ba sai ya bar ta baƙa. Zanen uwargida in rinin baba ne irin na marinar Ƙofar Mata, shuɗi ne mai duhu, kuma idan an buga shi ya yi sheƙi kamar rawanin ɗan Kura, ƙyallinsa yana karkata zuwa shunayya. Aikin da ke ƙirjin babbar riga in da zaren tsamiya aka yi shi, ruwan ƙasa ne mai haske, ba fari fat ba. Farar taguwar yaro ma ba a barin ta haka: ana sa wa inuwar ninkinta ɗan shuɗi, musamman da yake da bula ake wanke farin kaya. Akwai iyaka kuma: zanen da ya fito baƙi ƙirin ba zai karɓi rawaya mai haske ba, domin rawaya ba ta yin duhu haka a hoto.

Atamfa ce mai wuya, tunda zane ɗaya yana fitowa da launuka daban-daban. A nan babu abin da ya kai tambayar goggo ko inna da ta ga zanen da idonta, wataƙila ma yana nan a ƙasan adaka. Manhajojin da ke sa launi da kansu cikin daƙiƙu kintace kawai suke yi, kuma sukan bar kunne ko yatsa babu launi.

Idan an gama, a ajiye hoton asali yadda yake, a rubuta a bayan sabon cewa an sa masa launi, da shekarar da aka yi, da tufafin da aka tabbatar da launinsu da waɗanda aka kintata.