Gargaɗi ga Iyaye: Ku Saurari Saƙon 'Ya'yanku da Ke Libiya da Kunnen Basira

Jama'a, duk wanda yake da ɗa ko ƙane da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, ya tsaya ya karanta wannan, ya kuma karanta wa iyayen da ba su iya karatu ba. Akwai gidaje a garuruwa irin su Sabha da Bani Walid da ake tsare matafiya ana dukansu har sai an turo kuɗin fansa daga gida. Wanda aka tsare yakan samu waya, amma ba ya samun damar faɗin gaskiya, domin mai bulala yana tsaye a kansa. Sau da yawa saƙonsa na farko yana zuwa da murya a kwance, ba kuka, ba ihu. A wannan saƙon ne iyaye da dama suke yin kuskuren da ke jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rai.

Ga abin da ya faru da wata uwa, bazawara mai sana'ar ƙuli-ƙuli, wadda ba zan ambaci sunanta ko garinta ba. Ɗanta na fari ya tafi da rani, bisa alkawarin wani dillali a unguwarsu cewa akwai aikin gini a Libiya, kuma ba sai ya biya kuɗin mota duka ba, idan ya fara aiki zai cika. Ya kira daga Agadas ya ce gobe za su shiga sahara. Daga nan shiru, har uwar ta fara kwana ba barci.

Wata rana saƙon murya ya shigo wayar ƙanwarsa ta WhatsApp, daga baƙuwar lamba mai farawa da +218. Muryarsa ce, babu shakka. Ya ce:

“Hajiya, ina wuni. Na sauka lafiya, ina wajen mutanen kirki. Ki gaida Baba, ki ce masa mai yiwuwa in riga ku zuwa wajensa. Ki gaya wa Malam ban bar karatu ba, yanzu ina Suratu Yusuf, tun daga farkonta nake bi. Alhajin da ya turo ni zai zo, abin da ya ce a bayar na takardun zama ne.”

Ƙanwar ta yi tsalle, maƙwabta suka shigo barka. Uwar ma ta yi hamdala, amma ta ce a sake kunna mata. Aka kunna, ta ce a ƙara. Ba ta ce wa kowa komai ba, domin ita kanta ba ta san abin da ya tsaya mata a rai ba.

Sai da dare ta gane na farko. Tun da yaron nan ya fara magana Inna yake ce mata. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, shi kuwa ba mai zolayar uwa ba ne. Ta ce a ranta wataƙila kunyar mutanen da ke kusa da shi yake ji, ta kwanta. Ba ta runtsa ba maganar Baba ta faɗo mata. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, shi ne ma ya riƙa bin kawunsa zuwa maƙabarta ranar Juma'a. Babu wani da yake kira Baba a dangin. Yaro mai cikakken hankali ya ce a gaida mamaci, ya ƙara da cewa zai riga su zuwa wajensa, me yake nufi in ba mutuwa yake hange ba?

Da asuba ta yafa mayafi ta nufi gidan malaminsa na allo. Malam ya saurara, ya ce a mayar daidai wurin karatun, sannan ya yi shiru.

“Malam, yaron nan bai sauke ba?” Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

“Ya sauke, Inna, a hannuna. Wanda ya sauke ba zai aiko mini da labarin sura ɗaya ba sai da dalili. Ki tuna farkon ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Na jikinsa ne suka fita da shi, suka jefa shi rijiya, ayari ya tsince shi aka sayar da shi, daga baya ya shiga kurkuku. Yaronki yana gaya mana an sayar da shi, yana tsare, kuma na gida ne ya bashe shi.”

A nan ne jimlar ƙarshe ta fito fili. Bai ce ta bayar da kuɗi ba. Cewa ya yi Alhaji zai zo, abin da Alhajin ya ce na takardu ne. Sun sa shi ya faɗa, shi kuma ya riga ya gargaɗe ta da wanda zai zo karɓa.

Kada wani ya ɗauka wannan tatsuniya ce. A watan Afrilu na 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta fitar da bayanin wani ɗan Senegal da ya biya sefa 200,000 a Agadas. Da suka isa Sabha direban ya ce dillali bai ba shi ko sisi ba, ya kai su wani fili inda ake cinikin mutane. Aka saye shi, aka kai shi gidan da ke ɗauke da mutum fiye da 100, aka nemi sefa 300,000. Da ya kasa biya aka sayar da shi ga wani, kuɗin ya koma 600,000. A watan Nuwamba na shekarar gidan talabijin na CNN ya nuna bidiyon gwanjon mutane a Libiya. A watan Mayu na 2018 mutum fiye da 100 suka fasa wani gidan tsaro a kusa da Bani Walid, aka buɗe musu wuta, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce aƙalla 15 sun mutu. Harkar ba ta mutu ba. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, motoci suka koma fita daga Agadas a sarari, kuma a watan Maris na 2024 aka gano ramin da aka binne aƙalla matafiya 65 a kudu maso yammacin Libiya.

Ku lura da yadda tarkon yake. Alkawarin “tafi yanzu, ka biya daga baya” shi ne igiyar. Matafiyin da bai biya ba bashi ne a kan direba, direba kuma zai sayar da bashin tare da mutumin. Abin da ya sa yaron ya yi magana a dunƙule kuwa, bayanin IOM ɗin ya nuna akwai 'yan Najeriya da 'yan Gana da ke yi wa masu gidajen aiki. Hausa tana da masu ji a duk faɗin hanyar nan, saboda haka wanda aka tsare ba zai iya fakewa da yarensa ba. Abin da ya rage masa shi ne sirrin gida, wato abin da uwa ta sani mai gadi bai sani ba. Shi ya sa nake roƙon a daina barin saƙon irin wannan a hannun yara su kaɗai. A kai wa uwa, a kai wa malami, a kai wa aminin yaron. Sunan da bai saba kira ba, gaisuwa ga mamaci, tambayar gonar da aka daɗe da sayarwa, lambar da ba tasa ba, ƙin kiran bidiyo, duk abin tsayawa ne a duba.

Abin da uwar nan ta yi bayan ta gane shi ne ya fi kamata a koya. Da aka sake kira ba ta nuna ta fahimci komai ba. Ta ce, “Na gaida Baba, ya ce ka yi haƙuri, ba yanzu ba. Malam ya ce yana biye da kai a karatun.” Yaron ya ji an gane, mai gadi bai ji komai ba. Da ta fashe da kuka ta ce “sun kama ka ko?”, da shi zai sha dukan. Ba ta yarda a sa hotonsa a Facebook ana neman taimako ba, domin masu tsaron suna duba waɗannan shafukan, kuma da zarar sun ga jama'a na tara kuɗi farashi zai tashi. Ta sa kawun yaron ya adana komai: saƙon muryar, lambar, ranar da sa'ar kowane kira, da lambar asusun da aka turo daga baya. Da dillalin ya zo da maganar takardun zama, aka karɓe shi da fara'a, aka ce ana haɗawa, kawun kuma ya kai rahoto tare da shaidun.

A Najeriya wurin kai irin wannan ƙara shi ne NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane da aka kafa a 2003, mai ofisoshi a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma ana kiranta a 627. A sanar da hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, da ofishin jakadanci da ke Tarabulus. Ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman dangin da suka ɓata. A Nijar a je wurin 'yan sanda ko jandarma. Sai dai kada a yaudari kai: waɗannan gidaje suna hannun 'yan bindiga, a wuraren da jakada ba ya iya shiga ya fito da mutum. IOM tana dawo da mutane gida kyauta, amma sai wanda ya riga ya kuɓuta ko yake wurin tsaro na hukuma. Amfanin rahoto shi ne kama bakin zaren da ke nan gida, wato dillali da mai asusun banki, da kuma sa sunan yaron a hannun masu dawo da mutane.

Maganar biyan fansa ba zan yanke wa uwa hukunci ba, ita ta san zafin haihuwa. Iyalin nan ma sun sayar da fili sun biya, bayan an daɗe ana ja-in-ja kan kuɗin, yaron kuma ya dawo da tabon bulala a gadon bayansa. Amma ba su tura ko kwabo ba sai da suka ji muryarsa kai tsaye a ranar, suka yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, domin akwai 'yan damfara da ke karɓar kuɗi da tsohon saƙon murya, har da na wanda ya riga ya mutu. Kuma ku sani biya ba tabbas ba ne, an sha karɓar kuɗi a sayar da mutum gaba.

Iyaye, duk dillalin da ya ce ɗanku ya tafi ya biya a can, ku hana tafiyar, ku kai sunansa ga hukuma. Wanda ɗansa ya riga ya tafi kuma, ya koma yau ya sake sauraron saƙonsa na ƙarshe tare da wanda ya fi kowa sanin yaron. Limamai, ku faɗi wannan a masallatai ranar Juma'a.