Waya ta kama Wi-Fi amma babu intanet: ina hanyar ta yanke?

Alamar Wi-Fi da ke saman fuskar waya abu ɗaya kawai take shaidawa: wayar da rautar da ke kusa da ita suna jin juna. Ko sandunan alamar sun cika maƙil, ba su ce komai ba game da abin da ke bayan rautar. Ana iya cire sim daga cikin maifai, ko a zare wayar da ke kawo wa rauta sabis, alamar ta ci gaba da cika kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa mutum zai ga wayarsa ta rubuta `Connected without internet` ko `No Internet Connection`, ya yi ta kashe Wi-Fi yana kunnawa har ya gaji, alhali matsalar tana can gaba.

Wayar ba ƙiyasi take yi ba kafin ta rubuta wannan saƙo. Da zarar ta haɗu da rauta, sai ta aika wata ƙaramar tambaya a ɓoye. Yawancin wayoyin Android suna neman wani adireshi na Google, `connectivitycheck.gstatic.com/generate_204`, suna jiran amsa mai lamba 204, wadda shafi ne da babu komai a cikinsa. Ita kuwa iPhone `captive.apple.com` take nema, tana jiran kalmar `Success`. Idan amsar da ake jira ta zo, wayar ta san akwai intanet. Idan aka yi shiru, sai ta ce babu. Idan kuma wata amsa daban ce ta dawo, sai ta gane akwai shafin shiga da ya tare hanya. Wannan ƙaramar tambaya dole ta wuce wurare uku, kuma su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a taɓa kowane saiti, a yi abu biyu. A kashe datar sim ɗin wayar, domin wayoyi da yawa suna komawa kanta a asirce idan Wi-Fi ya gaza, sai gwajin ya ruɗe ka. Sannan a tambayi na kusa ko tasa wayar tana buɗe shafi a kan wannan Wi-Fi ɗin. Idan kowa na kuka, laifin na rauta ne ko na kamfanin da ke ba ta sabis. Idan kai kaɗai ne, a cikin wayarka abin yake. A ganina wannan tambaya ta fi duk wata dabara da za ta biyo baya amfani, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa.

Wuri na farko shi ne ƙofar fita, abin da waya ke rubutawa `Gateway`, ko `Router` a iPhone. Lokacin da waya ta shigo, rauta kan ba ta abubuwa uku ta wata hanya da ake kira `DHCP`: adireshin kanta, adireshin ƙofar da za ta riƙa miƙa wa duk saƙon da zai fita waje, da adireshin mai nemo mata lambobin shafuka. Ana ganin su idan aka shiga saitin Wi-Fi aka taɓa sunan wanda aka haɗu da shi. A gida mai lafiya za a ga abu kamar haka:

```
IP address  192.168.8.104
Gateway     192.168.8.1
DNS         192.168.8.1
```

A yawancin gidaje da shaguna, rukuni ukun farko na adireshin waya da na ƙofa iri ɗaya ne, na ƙarshe ne kaɗai ya bambanta. Idan adireshin wayar ya fara da `169.254`, rautar ba ta ba ta komai ba, wayar ce ta ƙirƙiro wa kanta lamba, kuma da irin wannan lamba ba a fita ko'ina. Android kuma sau da yawa takan maƙale ne a kan `Obtaining IP address`. Hakan na faruwa idan rauta ta rikice, ko mutanen da ke kanta sun cinye adireshin da take da su. Maganin farko shi ne a kashe rautar na ɗan lokaci a sake kunnawa. Akwai kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba: wani ya taɓa mayar da saitin wayar `Static` ya rubuta lambobin da hannu, daga baya aka canza rauta aka bar mata tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri. Wayar za ta haɗu lafiya lau, amma ta ci gaba da aika saƙo zuwa ƙofar da babu ita. A mayar da saitin `DHCP`, ko a danna `Forget` a sake haɗawa.

Idan lambobin sun yi daidai, sai a rubuta adireshin ƙofar a burawza. Shafin rautar ne zai buɗe, kuma buɗewarsa ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. A nan ne rauta ke faɗin gaskiyar halin da take ciki: ko ta ga sim, ko tana da sabis, ko ta haɗu da kamfani. A gidajenmu da yawa, inda maifai mai sim ne tushen Wi-Fi, binciken a nan yake ƙarewa. Ko dai data ta ƙare, ko wa'adinta ya cika, ko an rufe layin, ko sim ya goce daga mazauninsa. Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin unguwa da gari baki ɗaya. A ranar 14 ga Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni ƙwarai a Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashe. A ranar, alamar Wi-Fi a cike take a ofisoshi da gidaje, kuma babu wani saitin waya da zai gyara lamarin.

Wuri na biyu shi ne `DNS`. Na'urori da lamba suke gane juna, mu kuwa suna muke rubutawa. Aikin `DNS` kamar na jerin sunayen da ke cikin wayarka ne: ka taɓa sunan mutum, ita kuma ta kira lambarsa. Idan jerin ya ɓace, layinka na nan da kuɗinsa, amma ba za ka iya kiran kowa ba sai wanda ka haddace lambarsa. To haka gwajin yake, sai a nemi wani wuri da lambarsa kai tsaye:

```
https://1.1.1.1/cdn-cgi/trace
```

Wannan adireshi na kamfanin Cloudflare ne. Idan ya buɗe, za a ga wasu gajerun layukan rubutu, ba sai an fahimci abin da suke cewa ba. Abin lura shi ne: idan wannan ya buɗe amma shafukan da ake kira da suna sun ƙi, to hanya a buɗe take, mai nemo lamba ne ya kwanta. Chrome kan nuna irin wannan da saƙon `ERR_NAME_NOT_RESOLVED`. Gwajin yana da iyaka, domin wasu ma'aikatu da makarantu suna toshe wannan adireshi da gangan, don haka ƙin buɗewarsa kaɗai bai isa hujja ba. Gyaran wucin gadi shi ne a rubuta `8.8.8.8` na Google ko `1.1.1.1` a gurbin `DNS`. A iPhone ana yin haka ta `Configure DNS`, a zaɓi `Manual`. A Android sai an koma `Static`, kuma duk wanda ya yi haka ya tuna ya mayar daga baya, don kada ya faɗa matsalar da muka ambata a sama.

Wuri na uku shi ne shafin shiga na otal, jami'a, filin jirgi ko wurin da ake sayar da tikitin Wi-Fi. A irin waɗannan wurare rauta tana barin kowa ya haɗu, amma tana tare duk saƙonsa har sai ya saka lambar tikiti ko ya amince da sharuɗɗa. Dabararta ita ce ta karɓe buƙatarka ta farko ta miƙo maka nata shafin. Wannan yana yiwuwa ne cikin sauƙi a kan adireshi mai `http`. Shafukan yau kusan duka `https` ne, kuma an gina su ne musamman don kada wani ya shiga tsakani ya musanya su. Saboda haka idan sanarwar `Sign in to Wi-Fi network` ta wuce ka, buɗe Google ko Facebook ba zai kawo shafin ba, sai dai gargaɗin tsaro ko jiran da ba ya ƙarewa. Abin yi shi ne a rubuta adireshin da aka bari a `http` da gangan:

```
http://neverssl.com
```

Ga yadda abubuwa ukun ke haɗuwa. A ce wani ɗan kasuwa ya sauka a otal a Abuja, aka ba shi takarda mai lambar shiga. Wayarsa ta Android ta haɗu, amma babu abin da ke buɗewa. Abokin tafiyarsa yana kallon bidiyo a kan wannan Wi-Fi ɗin, ke nan sabis na nan. Ya duba saiti, ya ga adireshinsa `10.5.50.23`, ƙofa kuma `10.5.50.1`, ke nan rauta ta karɓe shi. Ya gwada adireshin Cloudflare bai buɗe ba, wanda ba abin mamaki ba ne tunda bai shiga ba tukuna. Ya gwada `neverssl.com`, sai burawza ta ce ba ta san sunan ba. Nan ne alamar take: otal ɗin ya kamata ya amsa wannan tambaya ya jawo shi zuwa shafinsa, don haka wayar ba otal ɗin take tambaya ba. Tun daga Android 9, wadda ta fito a 2018, akwai saitin `Private DNS`, kuma mutane da yawa suna rubuta sunan wani mai hidima a ciki don toshe tallace-tallace, ko mai gyaran waya ya saka musu su manta. Idan an yi haka, wayar kan dage sai wancan mai hidimar za ta tambaya, shi kuma yana can waje, bayan shingen otal. Ya mayar da saitin `Automatic`, ya sake buɗe `neverssl.com`, shafin otal ya bayyana, ya saka lambarsa. Da manhajar `VPN` ce a kunne, da alamun sun yi kama da waɗannan, gyaran kuma shi ne a kashe ta har sai an gama shiga.

Shafin shiga yana gane waya ne ta lambarta ta `MAC`. Daga Android 10 da iOS 14, wayoyi suna nuna wa kowane Wi-Fi wata lamba ta aro don kare sirrin mai su. Idan wannan lamba ta canza, ko mutum ya taɓa saitinta bayan ya shiga, otal zai ɗauke shi a matsayin sabon baƙo, tikitin da aka ɗaure da tsohuwar lamba kuma ya ƙi aiki har sai ma'aikatan wurin sun sake shi. Haka kuma a duba kwanan wata da agogon waya. Idan batir ya mutu ya mayar da wayar shekarun baya, shafukan `https` za su ƙi buɗewa, domin wayar za ta ga kamar lokacin takardun shaidarsu bai yi ba. A saitin lokaci a zaɓi wanda ke daidaita kansa, sannan a sake gwadawa.